Sikeli ya ce na rame, tef ɗin awo ya ce da sauran magana

Sana'ata ɗinki ce. Shekara 14 ke nan ina da ɗan shago a Aboabo, cikin Kumasi, kuma duk wadda ta daɗe tana riƙe da tef ɗin awo ta san jikin mata fiye da yadda masu jikin suka san shi. Ina iya kallon mace daga bakin ƙofa in faɗi ƙugunta, in ban dace ba to da inci ɗaya na kuskure. Shi ya sa har yau abin da ya same ni yake ba ni kunya, don hujjar tana rataye a wuyana kullum, na ƙi dubawa.

Bayan haihuwata ta uku nauyina ya tsaya a kilo 86, ƙuguna inci 41. Ban damu sosai ba sai da aka sa ranar auren ƙanwata bayan ƙaramar Salla, aka fitar da yadin da dangi za su ɗinka. A wajen rabon yadin ne wata gwaggonmu ta ce, cikin wasa wai, a ƙara mini yadi biyu don shida ba zai zagaye ni ba. Aka yi dariya, ni ma na yi. Da dare na kasa barci.

Wata mai kawo mini ɗinki ce ta haɗa ni da wata mai sayar da shayin rage ƙiba. Kullum matar tana saka hotuna a WhatsApp, mace ɗaya a hagu da teɓa, a dama kuma ciki ya lafe kamar ba ta taɓa haihuwa ba. Kwali ɗaya na kwana 28 ne, jaka ɗaya kowane dare. Ta ce ganye ne zalla, yana wanke dattin da ya taru a hanji shekara da shekaru, yana narkar da kitse ya fita ta bayan gida. Na biya ta waya, ɗan acaɓa ya kawo mini har shago. A farkon watan Rajab ne.

Daren farko na sha da ƙarfe 9. Wajen ƙarfe 4 na asuba ciki ya murɗa mini kamar ana matse wanki, na fita da gudu. Kafin hantsi na zaga sau huɗu. Na aika wa matar saƙo, ta ce alhamdu lillahi, aiki ya fara, dattin ne yake fita. Bayan mako guda na hau sikelin wani yaro da ke auna mutane a bakin kasuwar Asawase, ya nuna 83. Kilo 3 a kwana 7. Na ba yaron fiye da kuɗinsa don murna.

A ranar, da na koma shago, na zagaya tef a jikina. Ƙugu ya ragu da ƙasa da inci ɗaya, shi ma da safe ne kawai, kafin in ci komai. Damtse yana nan yadda yake. Cinya tana nan. Mazaunai ba su motsa ba. Mace ba ta zubar da kitse kilo 3 hannun rigarta bai saki ba, wannan na san shi tun ina koyon ɗinki. Na naɗe tef ɗin na ce ai kitsen ciki ne ya fara tafiya.

Daga mako na uku jaka ɗaya ta daina aiki. Sai in sha, gari ya waye, ba komai sai kumburin ciki. Matar ta ce dattin da ya rage mai tauri ne, in riƙa jiƙa biyu in bar su su jiƙu sosai. Na koma biyu, daga baya uku. Sikeli kuma ya cije a 82, ya ƙi sauka. A nan ne ta kawo mini kafso, a cikin 'yar farar roba, ɗaya kowace safiya, ta ce shi ne yake kashe kwaɗayi. Wannan kam ya kashe shi. Sai in wuni ban ji yunwa ba, bakina a bushe kamar na tauna auduga, dare ya yi idona biyu, zuciyata tana bugawa har ina jin ta a kunne. Yaran shago suka fara tsorona don abu kaɗan sai in hau faɗa.

Akwai abubuwan da masu talla ba sa sakawa a hoto. Alwala ta daina zama mini, sai in yi sau uku kafin in idar da sallar Asuba. Wata rana a motar haya ta turoturo, kan hanyar kasuwar Kejetia zan sayo zare da leshi, ciki ya juya a tsakiyar cunkoso. Na roƙi kwandasta ya sauke ni, na shiga gidan da ban san kowa ba ina gaishe su da Asantanci ina haɗa gumi. Allah ya saka wa tsohuwar da ta nuna mini bayan gida ba ta tambaye ni komai ba.

A tsakiyar Sha'aban na yi niyyar dainawa, na kuwa daina. Abin da ya biyo baya shi ne ainihin dalilin da ya sa nake rubuta wannan. Kwana biyu ban yi bayan gida ba. Rana ta uku zobena ya ƙi fita, takalmi ya matse, in na danna ƙaurina da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Rana ta biyar na hau sikeli, 87. Na fi yadda na fara. Na kira matar ina kuka, ta ce: «Hajiya, kin gani ko? Jikinki irin mai tara datti ne, ke ba a daina miki.» Na yarda da ita, don ga shaida a ƙafafuna. A daren na jiƙa uku, kwana biyu kumburin ya sace, na ƙara sayen kwali biyu.

Azumi ya kama ina cikin wannan hali. Na mayar da shan shayin bayan tarawihi, kafson kuma da sahur. Ku duba lissafin da ban yi ba a lokacin: shayin yana fara aiki daga sahur zuwa hantsi, wato daidai lokacin da aka rufe baki ne ruwan jikina yake zubewa, kuma fiye da awa 13 ba zan mayar da ko kurɓi ɗaya ba. Ƙafafuna suka fara ɗaurewa da dare. Taka keken ɗinki ya zama aiki. Ranar azumi na 9, bayan la'asar, na tsuguna zan ɗauki almakashi da ya faɗi, na kasa miƙewa. Ban suma ba, ina jin kowa, amma cinyoyina kamar ba nawa ba, zuciyata kuma tana bugawa tana tsallake ɗaya. Yarinyar shagona ta ruga ta kira maigida, aka ɗauke ni a tasi.

A asibiti aka auna jinina ya hau, 158 bisa 100, ni da ko lokacin ciki bai taɓa hawa ba. Bugun zuciya 112 a minti. Aka manna mini wayoyi a ƙirji aka ɗauki hoton bugun, aka ɗebi jini. Likitan ya tambaye ni ko ina shan wani magani, na ce a'a. Har ga Allah ban ɗauki shayi a matsayin magani ba. Wata nas, Bahaushiya ce daga zangonmu, ta sunkuyo ta ce a hankali: «Mma, ko na gargajiya ne, ko shayi ne, ko na rage ƙiba ne, ki faɗa, ba mai yi miki faɗa.» Sai na ce a buɗe jakata.

Sakamakon jinin ya nuna gishirin da ake kira fotasiyam ya sauka zuwa 2.4. Na mai lafiya yana tsakanin 3.5 da 5.0, kuma ƙasa da 2.5 ana ɗaukarsa haɗari ne na gaske. Wannan gishirin shi ne tsokar jiki take dogara da shi wajen motsi, zuciya ma tsoka ce, in ya yi ƙasa sosai bugunta yana iya rikicewa har ta tsaya. Ƙodata ita ma ta nuna alamar wahala saboda rashin ruwa. Aka sa mini ƙarin ruwa da fotasiyam a ciki. Yana da zafi a jijiya kamar an zuba barkono, kuma ba a sakinsa da sauri, don in aka yi gaggawa shi kansa yana iya tsayar da zuciya. Kwana 3 na yi a kwance. Azumin kuwa dole na ajiye, malamin unguwarmu ya ce wa maigida mara lafiya ramawa yake yi, kada in matsa wa kaina.

A rana ta biyu nas ɗin nan ta zauna a bakin gadona da kwalin shayin a hannu. Ta nuna mini jerin ganyayen da ke bayansa, na farko an rubuta sena. Ta ce: «Kin san filasko?» Na ce wane ɗan Hausa ne bai san filasko ba, kakata tana dafa mana in ciki ya ɗaure. Ta ce to danginsu ɗaya, aikinsu ɗaya. Na yi shiru. Kuɗin da na zuba, ashe maganin zawo nake saye a kwali mai hoto.

Yadda ta yi mini bayani ya zauna a kaina, bari in faɗa kamar yadda na fahimta. Abinci in ya bar tumbi yana shiga ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, a nan ne jiki yake tsotse mai da sukari da duk abin da ke sa ƙiba. Abin da ya rage ne yake gangarawa babban hanji, shi kuma aikinsa ya janye ruwa da gishiri ya mayar wa jiki. Shi ganyen sena ba ya taɓa ƙaramin hanji, sai ya isa babban hanji yake farkawa, shi ya sa yake ɗaukar awa 6 zuwa 12 kafin a ji shi. Yana isa sai ya tsokani bangon hanjin ya riƙa matsawa da ƙarfi, ya hana shi janye ruwa. To kafin nan tuwon da miyar da man sun riga sun shige jini. Ɓarawo ya tafi da kaya tun dare, ke kuma da safe kina zubar da ruwan randa. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne a kan sikeli, shi ne abin da yaron Asawase ya auna mini. Kuma a cikin ruwan nan ne fotasiyam ɗina yake ta tafiya kullum.

Na ce mata to amma ai na ga kilo 3 da idona. Ta ɗauki biro ta yi lissafi a bayan katina. Kitse kilo ɗaya yana ɗauke da kalori wajen 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake bai wa jiki. Kilo 3 ya zama 23,100. Mace irina jikinta yana ƙona wajen 2,000 a rana, a mako 14,000 ke nan. Ta ce: «Mma, ko da kin rufe bakinki kwana bakwai ba ki ci ko ƙwayar shinkafa ba, ba za ki ƙona kitse kilo 3 ba. Balle kina cin wake da shinkafarki da safe.» Na yi dariya duk da allurar da ke hannuna.

Batun datti kuwa, ta ce hanta da ƙoda su ne masu tace jini dare da rana, kuma ba su da wani rumbu a hanji da suke tara shara ta shekaru har sai an zo da shayi. Abin da nake gani yana fita, abincin jiya ne da ruwa da majinar hanji. In hanta ko ƙodar mutum ta gaza, asibiti ne zancen, shayin zawo sai dai ya ƙara wa ƙodar nauyi kamar yadda ya yi wa tawa.

Abin da na fi son sani shi ne kumburin nan, don shi ya mayar da ni. Likitan ne ya amsa wannan da ya zo zagaye. Ya ce jikin da ake kwashe wa ruwa kullum yana koyon rowa: ƙoda tana samun umarni ta riƙe gishiri da ruwa iya ƙarfinta. Ranar da aka daina shan maganin zawon, umarnin ba ya tsayawa nan take, sai jiki ya ci gaba da riƙewa alhali ba abin da ke fita. Shi ne ƙafa take kumbura, sikeli ya haura. Ba kitse ba ne, kuma yana saɓewa da kansa in an yi haƙuri, daga 'yan kwanaki zuwa 'yan makonni. Ɗaurewar cikin ma haka: hanjin ya saba sai an zaburar da shi, ga shi an kwashe komai a ciki, sannan ƙarancin fotasiyam shi kansa yana sa hanji kasala. Wato shayin ne yake haifar da ciwon, ke kuma ki koma gare shi neman magani. Ya ce sena magani ne na gaskiya, su ma suna rubuta shi, amma don ɗaurewar ciki, kuma ba a son a wuce mako guda ana sha ba tare da likita ya sani ba. Ni na yi kusan mako 10, har na kai jaka uku-uku.

Kafson ne ya fi ɓata masa rai. Ya juya robar, ba lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna, ba adireshin inda aka yi shi, sai hoton ganye. Ya ce ganye ba ya kashe yunwa haka, kuma bushewar baki, rashin barci, hawan jini da saurin bugun zuciya da na zo da su, su ne alamun da suke gani ga masu shan kafson da aka ɓoye wa sibutiramin a ciki. Wannan maganin rage ƙiba ne da likitoci suka taɓa rubutawa, aka janye shi daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010, bayan wani babban bincike ya nuna yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga masu matsalar zuciya. Tun daga lokacin hukumomi a ƙasashe da dama suna ta kama shi a cikin kafso da shayi da kofi da aka rubuta wa ganye zalla. Wasu kuma maganin sa fitsari ake zuba musu, shi ma ruwa da fotasiyam yake kwashewa. Ya ce in duba haɗin da na yi: ɗaya yana zaburar da zuciya, ɗaya yana kwashe gishirin da ke daidaita ta, ga azumi a kai.

Da za a sallame ni nas ɗin ta riƙe hannuna ta ce: «Za ki kumbura. Na gaya miki tun yanzu don kada ki firgita ki koma.» Haka kuwa aka yi. A mako na farko na kai kilo 90, fuskata kamar wadda ta kwana tana kuka. An ce in rage gishiri da dunƙulen miya, in riƙa ɗaga ƙafafu a kan matashi, in yi tafiya kaɗan-kaɗan, kuma kada in kuskura in sayi maganin sa fitsari a kemis. An ba ni fotasiyam na sha na 'yan kwanaki, da wani maganin ruwa mai laushi don cikin, sannan aka ce in yawaita ayaba, wake, fiya, ganyen gwaza da Asante suke kira kwantomire, da ruwan kwakwa. Kwana huɗu na yi ban zaga ba. Akwai sauran kwali ɗaya a ƙasan akwatina, wallahi sau biyu ina ɗauko shi ina mayarwa. A ƙarshe na miƙa wa maigida na ce ya fitar mini da shi daga gidan. Bai ce komai ba sai: «Da kin tambaye ni, ni ban ce kin yi ƙiba ba.» Na ce ai ba shi ya raba yadi ba.

Wajen kwana 18 kumburin ya sauka. Sikeli ya tsaya a 85, ƙugu inci 41. Wata biyu da rabi, kwali biyar, roba biyu ta kafso, kwana 3 a gadon asibiti da azumi 21 da zan rama, sakamakon kilo ɗaya, shi ma ina zargin tsoka ce ta tafi lokacin da ba na cin abinci. Jinina ya koma daidai bayan 'yan makonni da daina kafson. Cikina ya fi daɗewa, sai da na yi kusan wata uku kafin in riƙa zagawa ba fargaba.

Abin da ya fi damuna shi ne a makon farkon nan na murna na haɗa mata biyu da mai shayin. Ɗaya ta daina da wuri don ba ta jure murɗar ba. Ɗayar tana shan ƙwayar tazarar haihuwa, kuma ba wanda ya gaya mata cewa zawo mai tsanani yana iya hana ƙwayar shiga jiki yadda ya kamata. Na je har gidanta na faɗa mata, na ce ta je ta ga masu awo a asibiti. Mai sayarwar kuwa da na aika mata hoton hannuna da allura, ta ce jikina ne bai karɓa ba, ta toshe lambata.

Rigar bikin tun a Rajab na yanka ta a kan inci 37, don na sa a raina can zan kai. Allah ya taimake ni ban datse rarar ɗinkin ba, al'adar tela ce. Saura kwana biyu biki na zauna da reza na farke gefe da gefe, na saki duk abin da ke ciki, bai isa ba, sai da na ƙara ƙyalle a ƙarƙashin hammata na rufe shi da leshi. Gwaggon nan ta ganni a wajen kamu, ta shafa rigar ta tambayi wa ya ɗinka, wai tana son irinta.

Yanzu shekara ta zagayo. Wata mai ba da shawara kan abinci a asibitin ta sa na rage malmalar tuwon dare zuwa ɗaya, na daina lemon kwalba, ina zuwa shago da ƙafa. Ina kilo 80, ƙugu inci 38, kuma wannan karon hannun riga ma ya saki. Makon jiya wata amarya ta zo awo, na faɗa mata 36, ta ce in rubuta 33, akwai abin da ta fara sha. Na ce ta nuna mini. Ta ciro kwalin daga jaka, na juya bayansa na sa yatsa a kan layin farko. Na jawo mata kujera na ce ta zauna, na aiki yarinya ta sayo mana ruwa, sannan na rubuta 36 a littafi.